Kada a yanke wa labaran Kurfai hukunci da lamba ɗaya

A ɗakunan labarai da dama, edita kan buɗe Google Analytics da safe, ya ga labarin Filinge bai yi armashi ba, ya ce a rage irinsa. Hukuncin yana da tsada. Ɗan Kurfai da ke Yamai, Kwatano ko Akara yana jiran jin farashin tiyar hatsi kafin ya aika kuɗi gida, kuma idan aka daina rubutawa shi ke asara. Kafin a soke labari, dole a san abin da kowace lamba take aunawa.

Ta farko ita ce `Bounce rate`. A tsohon tsarin Google, wanda ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yulin 2023, duk wanda ya buɗe labari ɗaya ya fita ana ƙirga shi cikin waɗanda suka tsere, ko da ya karanta har ƙarshe. A sabon tsarin, GA4, ma'anar ta sauya: ziyarar da ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe labari na biyu a cikinta, ko aka yi wani abin da gidan jaridar ya ware a matsayin muhimmi, ba ta cikin lissafin. To amma daƙiƙa 10 ba karatu ba ne. Raguwar wannan lamba ba ta nuna an karanta, ta nuna dai ba a gudu nan take ba.

A ɗauki misali na lissafi. An rubuta kalmomi 600 kan farashin hatsi da dabbobi a kasuwar Filinge. Mai karanta kalma 200 a minti zai gama cikin minti uku. Mutum 1,000 suka shiga, kowa sau ɗaya. Allo ya nuna `Bounce rate` kashi 40 cikin ɗari, `Average engagement time` daƙiƙa 50, sannan `scroll` ya faru sau 150. A kallon farko, labarin ya faɗi.

Amma matsakaici yana haɗa wanda ya karanta da wanda bai ma fara ba. Jimillar lokacin duka daƙiƙa 50,000 ce. Idan mutum 400 da suka fita kowa ya yi daƙiƙa 5, sun ci 2,000 kawai. Saura 48,000 na mutum 600 ne, wato daƙiƙa 80 kowane, kusan rabin labarin ke nan. In farashin yana sakin layi na biyu, sun samu abin da ya kawo su. Su kuma 400 ɗin, sai a raba su bisa na'ura da kuma inda suka fito. Idan galibinsu masu salula ne, a fara zargin nauyin hotuna da tallace-tallace: inda rezo ke da rauni, mutum kan gaji da jira ya fita bai ga ko layi ɗaya ba. Wannan aikin mai kula da shafi ne, ba laifin wakili ba.

Lamba ta uku ta fi yaudara. A yadda GA4 ya zo, `scroll` yana faruwa ne sai mai karatu ya kai kashi 90 na tsawon shafi. Idan rubutun ya ƙare a kashi 60, sauran kuma talla ne da jerin wasu labarai, wanda ya karanta komai ba zai shiga lissafi ba. Maganin shi ne a saka ma'auni a kashi 25, 50 da 75 ta Google Tag Manager, a kuma san a wane kashi rubutun yake ƙarewa.

Haɗa lokaci da zurfin gangarawa ne ke fito da gaskiya, har da mai ɗaci. Idan mutane suna kaiwa ƙasa cikin daƙiƙa 15, ba karatu suke ba, neman abin da kanun ya yi alkawari suke, kuma wataƙila ba su same shi ba. Idan akasarinsu suna tsayawa a kashi 25, gabatarwa ta yi tsawo, sai a ɗaga farashin sama. A nan laifin na rubutu ne, babu fakewa da rezo.

Akwai kuma abin da allo ba ya gani ko kaɗan: hoton labarin da aka ɗauka aka watsa a zauren WhatsApp na 'yan gari, ko wanda ya karanta wa dattawa da murya.

Don haka a auna labarin kasuwa da wani labarin kasuwa mai irin tsawonsa, ba da labarin ƙwallo ba. Editan da bai raba waɗancan 400 daga 600 ba, bai kamata ya hana wakili kuɗin motar zuwa Filinge ba.