Katako Ɗaya, Littattafai Huɗu

'Yan'uwa, iyalin da ke zaune a ɗaki ciki da falo ba sa bukatar kabad cike da littattafai. Ra'ayinmu shi ne, katako ɗaya mai tsawon kamu uku ya isa, muddin kowane littafin da ke kansa yana amsa tambayar da ake yi a gidan.

Bayan Littafi Mai Tsarki, wanda yawancinmu muke da shi, a fara sayen ƙamus, domin shi yara za su buɗa kullum. Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner ƙarami ne, ya dace da ɗan firamare. Sai littafin taswira, sa'an nan na kiwon lafiyar iyali. A riƙa sayen ɗaya bayan kowane girbi ko ƙarshen zangon karatu, kada a ci bashi.

Na hannu ya fi araha, amma a duba. Tsohon ƙamus yana aiki in shafukansa sun cika. Taswira kuwa tana tsufa: in ba ku ga jihohin Gombe, Nasarawa da Zamfara ba, an zana ta kafin 1996, za ta kuwa kayar da yaro a jarrabawa. Littafin lafiya a sayi sabon bugu, gama magungunan zazzaɓin cizon sauro sun canja. Kuma ba ya maye gurbin asibiti.

A kafa katakon sama da ƙasa, nesa da taga da bangon da ke jiƙa da damina. A riƙa kakkaɓe littattafan kowane wata saboda gara. Dattawa, mu fara daga gidajenmu.