Kafin ka karɓi kuɗin shafi, ku yi maganar shekara mai zuwa

Matasa da dama yanzu sun iya haɗa shafin intanet cikin kwana uku, kuma masu shaguna a Kantin Kwari, Sabon Gari da Farm Centre sun fara nema. Amma yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai haɗa shafi da mai shago ba a ranar ciniki take tashi ba. Bayan wata goma sha biyu take zuwa, ranar da Alhaji ya taɓa adireshin shagonsa ya ga babu komai.

Dalili a fili yake: sunan shafi haya ake yi, ba a saye a mallaka har abada. Ko mai ƙarewa da .com ne, ko .com.ng da ke ƙarƙashin kulawar NiRA, duk shekara sai an sabunta. Haka ma masaukin da ake ajiye shafin, wato hostin, idan na biya ne. Mai shago bai san wannan ba. Shi a ganinsa ya biya an gama, kamar yadda ake biyan mai fenti kuɗin allon shago. Idan ka ɓoye masa don kada ciniki ya lalace, a ra'ayinmu ka ci amana, ko da shafin ya fi na kowa kyau.

Bari mu yi misali. A ce mai sayar da atamfa da shadda yana son shafi mai fuska huɗu: gaba, kaya, bayanin inda shago yake, da hanyar tuntuɓa. Kun daidaita a kan naira dubu 120. Kada ka tsaya a "mun yi ciniki, Allah ya sa albarka". Ka rubuta masa a WhatsApp, ya amsa da kansa: dubu 90 ladan aikinka ne, dubu 30 na suna da masauki na shekara ɗaya, kuma baɗi zai sake biyan wannan kason, wataƙila ma ya ƙaru tunda kuɗin masauki yakan bi dala. Ka rubuta cewa hoton kaya 30 za ka ɗora, gyara sau biyu ne a cikin kuɗin, abin da ya wuce nan sabon lissafi. Rabi kafin a fara, rabi ranar miƙawa. In Alhaji ba mai son karatu ba ne, ka tura saƙon murya ka maimaita komai, ya amsa da murya.

Maganar gyara sau biyun nan ita ke ceton ka. In ba ka yanke ba, kullum sabon yayi ya shigo za a kira ka, "Yaro, ɗan ƙara mana wannan," kuma kunya ba za ta bar ka ka ce a biya ba.

Sai babban batun: da sunan wa aka yi rajista? Wasu suna sayen sunan shafin da imel ɗinsu, wai don kwastoma ya riƙa dawowa. Wannan riƙe wuya ne. Gobe ka tafi bautar ƙasa, ko wayarka ta ɓata, ko kun saɓa, shagon mutum ya rasa adireshin da ya riga ya buga a leda da kati. Saƙon gargaɗin ƙarewar wa'adi ma imel ɗinka zai je, ba nasa ba. Idan aka yi sakaci wa'adin ya wuce sosai, dawo da sunan yakan fi sabuntawa tsada, in an ƙara jinkiri kuma wani na iya saye. Ka buɗe wa mai shago imel da lambar wayarsa, ka yi rajistar da shi. In yana son ka ci gaba da kula da shafin, ya biya ka na wata-wata, da yardarsa.

Ranar miƙawa ka je shagon da ƙafarka. A wayarsa za a buɗe shafin, da datarsa, ba a kwamfutarka ba, don a nan ne za ka gane ko hotunan sun yi nauyi. Ku danna maɓallin WhatsApp tare. Yawan kuskuren a lambar yake: ana farawa da 234, a cire sifirin farko, babu alamar tarawa.

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX
```

Daga nan ka sa shi, ko yaron shagon da ya amince da shi, ya shiga asusun da hannunsa ya canza kalmar sirri a gabanka, ya kuma gwada sauya farashin kaya ɗaya. Ka rubuta ranar sabuntawa a littafin cinikin shago, ka saka masa tunatarwa a waya wata guda kafin lokacin. Sannan ka karɓi cikon kuɗinka.