Masu kaurara kowane layi, ku zo mu yi magana

1/ Jama'a, yau da masu rubuta sanarwa a guruf nake. Mutum ya ji an ce "mutane ba sa karanta dogon rubutu", shi ke nan sai ya daddatsa saƙonsa kamar naman tsire, kowane layi ya kaurara shi. Wannan salon ne ya kusa sa na rasa tes a zangon da ya wuce. Bari in ba ku labari.

2/ Wakilin ajinmu ya turo sanarwa a WhatsApp, layi goma sha huɗu. Sallama mai kauri, sunan kwas mai kauri, har "Allah Ya ba da sa'a" mai kauri. A layi na goma sha ɗaya, cikin siririn rubutu, aka ce an canza ɗakin tes. Mu shida muka tafi tsohon ɗaki. Minti ashirin muka yi asara.

3/ Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Ai na rubuta, kai ne ba ka karanta ba." Gaskiya ne, ban karanta duka ba. Amma malam, wa ke karanta duka? A 1997 Jakob Nielsen ya gwada masu karatu a intanet: kashi 79 cikin ɗari ido kawai suke shafawa, kashi 16 ne ke bi kalma bayan kalma.

4/ A 2006 kuma ya nuna cewa ido yakan yi tafiya mai kama da harafin F. Ya karanta layin farko, ya ɗan taɓa wani a ƙasa, sannan ya gangara ta gefen hagu yana tsintar kalmomin farko. To in ka san haka, me ya kai labarin canjin ɗaki layi na goma sha ɗaya?

5/ Rubutu mai kauri yana aiki ne saboda ya bambanta da na kusa da shi. In mutum ɗaya ya miƙe a aji, kowa zai gan shi. In kowa ya miƙe, wa za ka gani? Dokata: abu ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, a duk abin da allon waya ke nunawa lokaci guda.

6/ Ga yadda ya kamata saƙon ya fito. Taurari biyun nan su ke kaurara kalma a WhatsApp:

```
*An canza ɗakin tes*
Gobe Talata, ƙarfe 8 na safe, *ɗaki na 3*, ba na 1 ba.

A zo da katin shaida, saboda ba za a bar kowa ya shiga babu shi ba.
```

7/ Ku lura da kan maganar. Bai ce "SANARWA" ko "MUHIMMIN SAƘO" ba, don waɗannan ba su gaya maka komai. Labarin ya faɗa kai tsaye. Gwajin mai sauƙi ne: rufe sauran rubutun, karanta kanun magana da kalmomi masu kauri kaɗai. In ba ka gane saƙon ba, tsarin ya faɗi.

8/ Sai masu layi ɗaya, fili, layi ɗaya, fili. Fili tsakanin sakin layi yana nufin "wancan zance ya ƙare, ga sabo". In ka sa shi bayan kowace jimla, ya daina nufin komai. Kuma abin da yake fara mutuwa shi ne "saboda" da "amma", alhali su ke ɗauke da hujja.

9/ "Za a yi tes gobe" daban, "amma ban da waɗanda suka yi na makon jiya" daban. Raba su da fili, rabin aji sun tafi da rabin magana. Sharaɗi ya zauna tare da abin da yake wa sharaɗi. Jimla biyu ko uku masu zance ɗaya su tsaya wuri ɗaya.

10/ Masu kwaso haruffan ado don yin kauri a X ko Facebook, ku ma kun ji. Waɗannan alamomin lissafi ne na Unicode, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsu. Shi ya sa "ƙarshe" ke fitowa da siririn kai da katon jiki. Manhajar da ke karanta wa makafi allo ma takan rikice da su.

11/ Na san wani zai ce laifin malalatan masu karatu ne. To, ka yi ta faɗa. Amma kai ka rubuta, kai ke son a gane. Wakilinmu har yanzu yana jin haushina, sai dai sanarwarsa ta jiya layi huɗu ce, kuma kowa ya zo a kan lokaci.