Abin Da Ke Jan Yaro Ga Ƙwaya A Yankara, Da Abin Da Ke Tsare Shi

A shekarar 2018 gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi ƙasar nan. Mutane da yawa suka zaci an kashe macijin ke nan. Amma lissafin da Majalisar Ɗinkin Duniya da ma'aikatar ƙididdiga suka fitar a farkon 2019 ya nuna mutum kamar miliyan 3 na shan ƙwaya a arewa maso yamma kaɗai. Hana kwalba guda bai kawar da dalilin da ke kai yaro gare ta ba.

A ɗauki misalin yara biyu a Yankara, ƙasar Faskari, kowanne shekararsa goma sha biyar. Dukansu suna dako ran kasuwa, da damina suna ƙwadago a gonakin masara. Na farko shi ke karɓar ladansa, ba mai tambayarsa nawa ya samu, kāna ya kwana a shago tare da waɗanda suka girme shi. Ran da kunyoyi suka yi yawa, wani ya miƙa masa tiramol, ya ce da ita ake wuni ana noma ba gajiya. Lalle kuwa ran farko haka yake gani, gama ƙwayar maganin ciwo ce mai ƙarfi, tana ɓoye gajiya. To, a nan tarkon yake. Wadda likita ke bayarwa miligiram 50 ce ko 100, ba a kuwa yarda babban mutum ya wuce 400 a yini ba. Wadda ake sayarwa a ɓoye ta kan kai 225, watau guda biyu sun riga sun ƙetare iyaka. Jiki kuma yakan saba, har guda ta daina isarsa.

Na biyu aikinsu ɗaya, talaucinsu ɗaya. Sai dai shi ladansa na bi ta hannun ubangidansa, bayan magariba malaminsa na jiransa da allo, in bai zo ba a aika a ji dalili. Masu binciken halin samari sun daɗe da lura cewa aboki mai sha da rashin idon babba suna cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan, sanin inda yaro yake da dare kuwa yana cikin manyan masu karewa. Talauci shi kaɗai bai isa hujja ba, gama ana samun masu sha har gidajen attajirai.

Abin da ya tsananta al'amarin a wannan yanki shi ne rashin zaman lafiya. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantu. A 2021 kuma gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni, aka yanke waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara na wani lokaci. Kowace makaranta ko kara da aka rufe, an raba yaro ke nan da babban da ke ganinsa kullum. Ga kuma wanda ya ga kisa da idonsa, barci ya ƙaurace masa, yana neman abin da zai ɗauke masa tunani.

Malami ko ɗan kasuwa na iya gane alamun tun da wuri. Ƙwayar idon yaron takan ƙanƙance, ya yi ta susa, ya yi gyangyaɗi da rana tsaka, kuɗin ciniki su riƙa kasawa. In ya rasa ta yini ɗaya ko biyu sai gumi da majina da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. In ya sha da yawa yakan faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, sau da yawa a ce aljanu ne, a tsaya ruƙiyya alhali asibiti ya kamata a nufa da shi nan take.

Amma fa idon babba daban, mari daban. A watan Oktoba 2019 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Daura, suka fito da mutane ɗaure da sasari. Ɗauri na raba yaro da ƙwaya ne muddin yana ɗaure. Wanda jikinsa ya riga ya saba, likita ne zai riƙa rage masa kaɗan kaɗan, sa'an nan in ya dawo gida a sāke masa wurin kwana da abokan hira, a kuma riƙe masa ladansa har ya yi ƙarfi.