Rabon ɗinkin Sallah: "ɗaya-ɗaya" ba adalci ba ne

1/ Shekara shida ina taka keke a wani shagon teloli a Mabera, nan Sakkwato. Mu huɗu ne, sai maigida. Duk azumi sai an yi faɗa, kuma ba da kwastoma ba, tsakaninmu. Ku zauna ku ji, don wanga abu ya shafi duk masu raba aiki daga layi guda.

2/ Tsarinmu na da irin na tasha ne. A babbar tashar mota ta Sakkwato, mota ta cika ta tashi, ta bayanta ta matso. Haka muke: ɗinki ya shigo, na farko nawa, na biyu na wane, har a zagayo. Kowa na ganin ba cuta.

3/ Amma a tasha fasinja fasinja ne. Ɗinki ba haka yake ba. Kayan yaro awa 2 ne a hannuna. Kaftani da wando awa 3. Babbar riga da 'yar ciki da wando, awa 6, ban da jiran mai aikin wuya.

4/ A azumin 2024, wanda aka ɗauka 11 ga Maris, wata rana ɗinki 12 ya shigo, kowa ya samu uku. Nawa duk manyan riguna, awa 18. Na kusa da ni kayan yara uku, awa 6. Da la'asar ya rufe kekensa ya tafi cefanen buɗa-baki. Ni kuwa har bayan asham ina kai, ga zafin Sakkwato, ga ba wuta.

5/ Wannan ma tsautsayi ne. Son kai yana bakin ƙofa. Wanda ke karɓar kaya shi ke yanke wane ɗinki ya "fara shigowa". Alhaji ya zo da shadda, yana so jibi, zai biya ninki biyu? Sai a ɗan riƙe ledar a ƙarƙashin tebur har layi ya zo kan ɗan ɗakin maigida. Yadi mai santsi da ke gudu a ƙarƙashin allura kuwa, kullum yana faɗowa kan wanda bai iya musu ba.

6/ Ba a gane wannan da ƙirga guda nawa kowa ya ɗinka, don lissafin zai fito daidai. Raba kuɗin da mutum ya samu da awannin da ya yi. In mutum guda ne kullum a sama, mako bayan mako, ba sa'a ba ce.

7/ Ranar da na yi magana na ce, "Maigida, a yi haƙuri, rabon nan da gyara." Ya ce, "Kai yaro, mi anka yi maka? Ba uku kas samu ba?" Na zana masa awannin a bayan kwalin zare. Ya daɗe yana kallo.

8/ Ga abin da muka koma yi. Littafi guda a kan tebur, a buɗe. Kaya na shigowa a rubuta lokaci da irin ɗinki da awanninsa, a gaban mai kayan, tun kafin a san wa zai ɗauka. Sannan a ba wanda jimlar awanninsa ta fi ƙanƙanta. In ina da 18 kana da 6, naka ne har ka kamo ni.

9/ Ɗinkin gaggawa mai tsoka muka ware masa shafinsa, shi kam zagaye ake. Kwastoma ya ce lallai wane yake so? An yarda, amma a ɗora awannin a kansa, layi ya tsallake shi. Gyaran kuskure na wanda ya ɗinka ne, ba a rubuta masa ko minti.

10/ Sai iyaka, wadda ta fi wa maigida ciwo. Awa 9 a rana, saura kwana 10 Sallah, ke nan 90 ga kowa, 360 mu huɗu. Littafi na cika a daina karɓa. Ya ce kuɗi muke kora. Gaskiya ne, mun kora. Amma ranar 10 ga Afrilu ba wanda ya zo ya tsaya mana a ƙofa da safiyar Idi.

11/ Ban ce ya warware komai ba. Ƙaraminmu bai kai mu sauri ba, awa 3 ɗinmu 5 ce a wurinsa. In an ba shi daidai da mu ya nutse, in an rage masa kuɗinsa ya ragu, yana da iyali. Muka sa masa iyakar awa 6, ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni. Har yau in azumi ya matso sai mun sake zama a kan wannan.