Sallama Ba Take Ba Ce

Wasiƙar Bahaushe da gaisuwa take farawa, kuma babu mai jayayya da hakan. Matsalar ita ce gaisuwar ta yi ƙaura zuwa gurbin da aka rubuta wa Subject a saman imel, inda ba muhallinta ba. Malamin da ke Samaru, wanda ke duba kundayen ɗalibai kuma yake tace maƙalun mujalla, zai iya buɗe akwatinsa ya tarar da jerin saƙonni masu take ɗaya: "Salam", "Barka da aiki", ko ma babu take sam.

A ranar da saƙo ya iso, wannan ba ya cutarwa sosai. Illar takan bayyana ne bayan wata shida, lokacin da mai maƙala ya zo neman takardar shaidar karɓa domin ƙarin girma, editan kuma ya shiga lalube. Aikin take ɗaya ne da na rubutun bayan fayil a ofishin rajista na Jami'ar Ahmadu Bello: ana yin sa ne saboda wanda zai nema gobe.

A ɗauki marubucin da ya gyara maƙalarsa kan karin magana yana mayar wa edita. Taken da ya dace shi ne kamar haka:

```
HS-14 gyaran maƙala: karin magana, a duba kafin 20 ga Mayu
```

Lambar da mujalla ta ba maƙalar ce a gaba, domin allon waya yakan yanke dogon take bayan 'yan kalmomi. Sai abin da aka aiko, sannan aikin da ake so da wa'adinsa. Ranar wata ta fi "da gaggawa" amfani, tunda gaggawa ba ta gaya wa kowa yaushe. Idan editan ya rubuta `subject:HS-14` a gurbin bincike na Gmail, duk saƙon da ke ɗauke da lambar a takensa zai fito.

Lambar tana da wani amfani da ya keɓanci masu rubutun Hausa. A wurin na'ura, ƙ da k haruffa ne mabambanta, haka ɗ da d. Wanda ya nemi "makala" zai iya rasa saƙon da aka rubuta "maƙala", kuma ba kowace waya ke da haruffa masu lanƙwasa ba. Wannan ba hujjar zubar da ƙa'idar rubutu ba ce, musamman ga masana harshe. A rubuta daidai, amma a jingina neman a kan lamba ko sunan da ba ya sauyawa.

Akwai kuma ɗabi'ar danna Reply a kan tsohon saƙo don tayar da sabon zance. Takardar neman kuɗin halartar taro sai ta shige ƙarƙashin taken gayyatar ɗaurin aure na bara, domin Gmail na tara saƙo da amsoshinsa masu take ɗaya a zare guda. Sabon batu sabon saƙo yake buƙata. In kuwa maganar HS-14 ce ake ci gaba da ita, a bar taken yadda yake, don editan ya ga tarihin maƙalar daga ranar miƙawa har zuwa karɓa.