Sanya wa Talla Hula Bai Mayar da Ita Bahaushiya Ba

'Yan'uwana marubuta, akwai masu cewa wai aikinmu a harkar talla bai wuce fassara ba: a kawo ta daga ƙasar waje, mu juya kalmomin, a sa wa ɗan wasa babbar riga da hula, shi ke nan. Ni ban yarda ba, kuma ga hujjata.

A shekarar 2011 kamfanin Coca-Cola ya fito da wata dabara a Ostireliya, ya riƙa buga sunayen mutane a jikin kwalba, domin kowa ya sayi mai sunan masoyinsa ya miƙa masa. A 2015 dabarar ta iso Nijeriya da sunayenmu na gida. Madalla. To amma ginshiƙinta shi ne kiran suna ƙiri-ƙiri, mu kuwa a nan Kabi muna da alkunya. Matar da ta san ya kamata ba ta ambatar sunan mijinta, uwa ba ta kiran ɗan fari, suruka kuwa ko da wasa. Yanzu a ce an ba ka rubuta wasan wannan talla, ka sa uwargida ta ɗaga kwalba ta karanta sunan yanka na maigidanta a gaban uwarsa. Ko lulluɓi goma ka yi mata, ka ɓata rawarka da tsalle. Ina kuma batun sunan Manzon Allah a kan robar da ƙarshenta bola?

Da dabarar ta je ƙasar Sin a 2013, laƙabi aka buga maimakon suna. Mu wa ya fi mu laƙabi? Ga Auta, ga Gambo, ga Jummai da Ɗanladi, ga Amarya da Maigida. Da waɗannan sai a miƙa kwalbar ba wanda ya ji kunya.

Haka raha take. A wajen Bature ɗa ya zolayi ubansa abin dariya ne, a Birnin Kabi rashin tarbiyya. Amma ɗauke uban ka sa kaka, zance ya gyaru, don jika da kaka abokan wasa ne. Jika ya miƙa wa tsohuwa kwalba mai "Amarya", da hannun dama fa, ita kuma ta kore shi da cewa mijin da ba ya cefane ba ta so. Kowane ɗalibina zai gane wannan ba sai an yi masa bayani ba.

Sutura ma tana da muhallinta. In ka kai wasan bakin Matan Fada a Argungu, kada kunya ta sa ka cusa masunci cikin ruwa da babbar riga. Gora da homa ne kayan aikinsa, kuma duk Bakabe zai yi maka dariya. Rigar ka bar wa dattijon da ke kan tudu yana jiran a auna giwan ruwa.